Yadda Ake Kwatanta wa Manhajar Zana Hoto Babbar Riga da Hularta

Ana saura mako uku Babbar Sallah wani tela abokina a Zariya ya nemi in haɗa masa hoton talla da zai sa a shafinsa ya kuma buga a jikin shago. Abin da yake so bai da yawa: dattijo ɗaya tsaye, sanye da babbar riga ta shadda ruwan sararin samaniya, da aikin aska takwas ruwan madara, da hular zanna da ta hau da kayan. Ba shi da kuɗin ɗauko mai ɗaukar hoto, kuma rigunan da ya gama duk masu su sun karɓe. Na buɗe ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke zana hoto daga rubutu, na rubuta abin da kowa zai fara rubutawa:

```
Hausa man wearing embroidered babban riga with matching cap
```

Hotuna huɗu suka fito. Na farko jallabiya ce ta Larabawa da ɗan zare a wuya. Na biyu agbada ce ta Yarabawa, hular ta kwanta gefe guda. Na uku ya yi kama da tufafin angon Indiya, zinariya tun daga wuya har gwiwa. Na huɗu ya ɗan kusa, sai dai an ɗora wa mutumin rawani, aikin kuma an raba shi daidai wa daida hagu da dama kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Tela ya duba ya ce, "Wannan ko yarona da ya fara koyon ɗinki bara ba zai yanka ta haka ba."

Yana da kyau a fahimci dalilin wannan kafin a fara gyara, domin wanda bai san dalili ba zai yi ta ƙara kalmomi ne a banza. Waɗannan manhajoji sun koyi zane ne daga ɗimbin hotunan intanet, kowane hoto da ɗan bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Rumbun da ake kira LAION-5B, wanda aka fitar a 2022 kuma aka yi amfani da wani ɓangarensa wajen horar da Stable Diffusion, ya ƙunshi hotuna da bayanansu sama da biliyan 5. A cikin irin wannan tari, hotunan da aka rubuta sunan rigarmu na Hausa a ƙarƙashinsu ƙalilan ne. Mai ɗora hoton ɗaurin aure daga Kano ba ya rubuta sunan tufafin. Sunan ango yake rubutawa da fatan alheri. Mai sayar da hotuna a Turai kuwa "tufafin gargajiya na Afirka" yake rubutawa ya wuce. Saboda haka idan ka ba manhajar sunan kaɗai, sai ta laluba ta kama maƙwabta: `agbada`, `boubou`, `kaftan`, ko tufafin ƙasashen Larabawa, ta gauraya su ta miƙo maka.

Don haka a ɗauke ta kamar telan da ya iya ɗinki sosai amma bai taɓa ganin babbar riga ba, kuma ta waya kake yi masa bayani. Irin wannan tela ba ka ce masa "aska takwas" ka kashe waya. Sai ka gaya masa faɗin rigar, inda take buɗe, inda aiki yake da inda babu. Umarnin kuma da Turanci ya fi tasiri, ko da manhajar tana karɓar Hausa, saboda yawancin bayanan da ta koya da su da Turanci suke. Abin takaici ne, amma haka lamarin yake a yanzu.

Na fara da siffar rigar, na ajiye maganar aiki da hula tukuna. Abin da ya raba babbar riga da kaftani da jallabiya shi ne ba ta da hannu irin wanda ake yankawa a ɗinka. Faffaɗan yadi ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa ya kai daga wuyan hannu zuwa wuyan hannu ko ya zarce, gefunansa a buɗe, an haɗe su ne can ƙasa kawai. Mai sawa yakan tattaro rarar yadin ya saɓa a kafaɗa, shi ya sa ake ganin ninki a kafaɗunsa, kuma hannun 'yar ciki yake fitowa fili. Cikakken ɗinki na riga da 'yar ciki da wando yakan ci yadi goma na shadda. Wannan yalwar yadi ita ce manhajar take yawan ragewa, domin ta saba da tufafi masu bin jiki.

A nan zaɓen kalma yana da tasiri ƙwarai. Kalmar `gown` tana jawo rigar amarya ko rigar yaye ɗalibai. Kalmar `robe` ita kaɗai tana iya kawo rigar wanka. `African` tana kwaso atamfa da kente da rigunan 'yan yawon buɗe ido. `kaftan` kuwa tana matse rigar ta yi mata hannu. Abin da ya yi mini aiki shi ne in bar sunan Hausa, in jingina shi da sunan da manhajar ta fi sani, sannan in bi da kwatance:

```
northern Nigerian babban riga, grand boubou silhouette,
very wide rectangular outer robe, open sides, no sewn sleeves,
excess cloth folded up onto both shoulders,
worn over long-sleeved tunic and trousers of the same cloth
```

Na zaɓi `grand boubou` a kan `agbada` da gangan. Dukansu suna kawo faɗin da ake so, amma `agbada` tana zuwa da kayanta: hula mai lanƙwasa, murjani a wuya, da aiki mai raba daidai a ƙirji. `grand boubou` ta fi tsabta, ko da yake wani lokaci takan janyo salon Sanagal, wanda za a iya gyarawa a wajen bayanin aiki. Da wannan sauyi kaɗai, hotuna uku cikin huɗu suka fito da riga mai faɗin gaske.

Yadi ma akwai tarko a cikinsa. Mu mun saba fassara shadda da `brocade`, to amma manhajar idan ta ga wannan kalma labulen fada take tunawa, mai kauri da furannin zinariya. Shadda auduga ce mai sheƙi da tauri, zanenta a cikin saƙar yake, launi ɗaya da jikin yadin, sai haske ya bugi wurin ake ganinsa. Gezna da ake ji da ita a Kantin Kwari daga Ostiriya take zuwa, kuma a ƙasashen da ke magana da Faransanci `bazin riche` ake kiran irin wannan yadi. Hotunansa da wannan suna suna da yawa a intanet. Sai na rubuta `crisp polished cotton damask, bazin riche, subtle tone-on-tone pattern, sky blue`. Nan take yadin ya tsaya da ƙarfinsa, ya daina zuba kamar siliki.

Aiki shi ne wurin da aka fi daɗewa, kuma shi ne ya cancanci a daɗe a kai. Duk wanda ya tashi a gidan da ake sa babbar riga ya san cewa aikin hannu na gargajiya ba ya raba daidai. Akwai babban aljihu a ƙirji ta hagun mai sawa, kuma a kansa mafi yawan aikin yake taruwa. Asaken dogayen siffofi ne masu tsini, kawunansu na kallon ƙasa. A ɓangaren dama akwai tambari, wato zanen da'ira mai nannaɗewa, kuma akan maimaita shi a baya. Wuyan rigar ma ba zagaye ba ne. Gefe ɗaya a miƙe yake, ɗayan ya karkato ya haɗu da bakin aljihu. Daga ciki zuwa ƙasa kuma yadi ne zalla, babu ko ɗigon zare. Wannan tsari shi ne ake gani a tsofaffin rigunan Hausawa da Nufawa da ke gidajen tarihi, kuma shi masu aikin hannu na birnin Zariya suke bi har yau.

Manhajar kuwa tana son raba daidai kamar yadda akuya ke son dusa. Idan ba ka hana ta ba, za ta yi wa rigar aiki iri ɗaya hagu da dama, ta zagaye wuya da shi, ta kuma ƙara a bakin ƙasa. Kalmar `embroidered` ita kaɗai tana kawo furanni da ganye da zaren zinariya. Na yi kuskure ɗaya da ya ba mu dariya: na fassara sunan aikin kai tsaye na rubuta `eight knives`. Dattijo ya fito da wuƙaƙe na gaske jere a ƙirjinsa kamar mahaucin kasuwa. Sunan aiki a wurinmu suna ne. A wurin manhajar umarni ne a zana ƙarfe. Haka zai faru da tambari idan aka rubuta `drum`, ganga za ta kawo maka. Siffa ake kwatantawa:

```
asymmetrical geometric hand embroidery in matte cream thread,
dense panel over a large chest pocket on the right side of the image,
row of long narrow triangles pointing downward,
one spiral circle motif on the opposite chest,
lower half of the robe plain
```

A lura da abubuwa uku a cikin wannan. Na farko, na ce `right side of the image` duk da cewa aljihun na hagu ne, saboda hagun mutumin da ke fuskantarka damarka ce. Manhajoji suna yawan rikicewa tsakanin hagun mai sawa da hagun mai kallo, kuma nuna gefen hoto ya fi rage rikicin. Idan duk da haka aljihu ya fito a ɗaya gefen alhali komai ya yi kyau, kada a zubar da hoton. A juya shi kamar madubi a manhajar gyaran hoto ta waya, kafin a ɗora rubutun talla. Na biyu, kalmar `matte` ita ke kashe ƙyalƙyalin zinariya, ta ba zaren kamannin auduga ko tsamiya. Na uku, layin ƙarshe da ke cewa ƙasan rigar babu aiki yana da muhimmanci kamar sauran, domin faɗin inda babu aiki shi ke tsare shi a inda ya kamata.

Ban sa adadi ba, kuma da dalili. Waɗannan manhajoji ba su iya ƙirge ba. Ka ce takwas ta ba ka shida, ka ce biyu ta ba ka uku. Aska biyu ta fi sauƙin samu saboda adadin kaɗan ne. Wanda ya dage sai asake takwas cif, to ya shirya gyara da hannu daga baya. Abokina da kansa ya ce a talla ba mai tsayawa ƙirga aska, amma kowa zai lura idan aljihu ya ɓace.

Sai hula, wadda ita ce ta fi ba ni wahala, kuma laifin kalmar `matching` ne. A wurin manhajar, wannan kalma na nufin a yanki ƙyallen rigar a ɗinka hula da shi. Hakan daidai ne a wasu wurare. Bayarabe yakan ɗinka hularsa da irin yadin kayansa. Bahaushe kuwa idan ya ce hula ta hau da kaya, abin da yake nufi daban ne. Hular kayan kanta ce, mai saƙar zare cike da jikinta, an saye ta daban a wurin mai huluna, an ɗora ta a kan shaddar an ga cewa wani launi a cikin zarenta ya ɗauko launin yadin ko na aikin. Duk wanda ya taɓa raka ango kasuwa ya ga yadda ake ɗaukar guntun shadda ana karawa da huluna ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka na cire kalmar gaba ɗaya, na kwatanta hular a matsayin abu mai zaman kansa, na faɗi launukanta da suna.

Sunan hular ma sai an yi hattara. `cap` kaɗai takan kawo hular hana-salla. `kufi` takan kawo 'yar ƙaramar tashi-ka-fiya-naci mai manne wa kai. `fila` tana komawa ga hular Yarabawa mai kwanciya gefe. `fez` tana kawo dara ja mai jela. Zanna bukar da damanga da ƙube da hular Bama duk suna da siffa ta asali guda: zagayayyar hula mai tsayayyen gefe, saman a shafe, ba ta da baki, an wanke ta an yi mata kari har ta tsaya da kanta, kuma zanenta ƙananan siffofi ne masu maimaituwa. Ga yadda na rubuta:

```
stiff upright cylindrical brimless Hausa hula cap, flat top,
fully covered in fine geometric stitching,
cream base with sky blue and dark brown thread,
sitting level on the head, forehead visible
```

Layin ƙarshe ya hana abu biyu: hular ta zame ƙeya, ko ta rufe gira kamar tukunya. Akwai kuma batun launi da bai shafi fasaha ba. Idan ka bar manhajar ta zaɓa, takan so jar hula saboda tana fitowa a hoto. A Kano jar hula magana ce ta siyasa, alamar Kwankwasiyya, kuma tela mai neman kwastoma daga kowane ɓangare ba zai so tallarsa ta yi masa jawabin da bai shirya ba. Rawani ma haka: ba ado ne da ake ɗora wa kowa ba, yana nuni da sarauta ko malanta.

Wannan ya kai mu ga yadda ake hana abu. Mutane da yawa sukan rubuta `no turban` a tsakiyar umarni, sai rawanin ya ƙara fitowa, saboda manhajar ta ga kalmar rawani ta kama, ba ta kula da "babu" ɗin ba. Sababbin manhajoji sun fi fahimtar hani, amma hanyar da ta fi tabbas ita ce a sa abin da ba a so a gurbinsa na musamman. A Stable Diffusion akwai akwatin `negative prompt`. A Midjourney ana ƙara `--no` a ƙarshe. Mai lura zai ce ai ni ma na rubuta `no sewn sleeves` a sama. Gaskiya ne, kuma da na ga hannaye suna dawowa a wasu hotunan sai na mayar da shi `sleeveless`. A gurbin hani na zuba waɗannan:

```
turban, beads, floral pattern, gold thread, kente,
wax print, fitted sleeves, buttons, collar
```

Da aka haɗa sassan nan umarnin ya yi tsawo, kuma tsawo yana da iyaka. Tsofaffin nau'o'in Stable Diffusion gutsattsarin kalma 77 kacal suke karantawa a zama ɗaya, abin da bai wuce 'yan layuka ba. Sababbin manhajoji suna ɗaukar fiye da haka, amma har yanzu abin da aka fara ambata ya fi samun kulawa. Saboda haka na sa siffar riga a gaba, aiki a tsakiya, hula ta biyo, na bar bayanin wuri da haske a ƙarshe. Na yanke duk kalmomin kwalliya irin su `majestic` da `royal`, waɗanda ba abin da suke ƙarawa sai zinariya da karaga. Na kuma nemi hoton tsaye na cikakken jiki, da `full body` da `--ar 2:3` inda manhajar ke karɓar wannan, domin idan aka yanke hoto a ƙirji faɗin rigar ya tafi, ba a bambanta ta da kaftani.

Wata matsala da ta bayyana bayan haɗawar ita ce zubar launi. Ruwan madarar da na ba zare ya malala ya rina wando, shuɗin riga kuma ya mamaye hula duka. Maganinsa shi ne kowane launi ya zauna manne da abin da yake siffantawa, a cikin jimlarsa, kada a jera launuka wuri guda a ƙarshe. Rage yawan launuka ma yana taimakawa. Da na cire ruwan ƙasa daga hular, sai ta daidaita.

Wajen gwaji, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Yawancin manhajojin suna da wata lamba da ake kira `seed`, wadda idan ka riƙe ta hoton zai riƙa fitowa kusan iri ɗaya, ka ga ainihin abin da sauyin kalma ya haifar. Idan ka sauya kalmomi biyar tare hoto ya gyaru, ba ka san wacce ta yi aikin ba, gobe kuma ba za ka iya maimaitawa ba. A zagaye na tara muka sami hoton da rigar ta yi daidai, aljihu a wurinsa, tambari ya fito, amma hular ta yi tsawo kamar ta mai dafa abinci a otal. Ban sake zana hoton duka ba. Na yi amfani da abin da ake kira `inpainting`, wato ka shafa wurin da ya lalace kaɗai ka ba da umarninsa daban. Na shafa hular, na maimaita bayaninta, na ƙara `low height`. Sau biyu aka yi ta zauna.

Akwai iyakar da kalma ba ta tsallakewa. Manhajar za ta ba ka abin da ido zai karɓa daga nesa a matsayin aikin hannu, amma idan ka faɗaɗa hoton za ka ga zaren ba ya bin hanyar allura: layuka suna narkewa cikin juna, tambarin ba ya rufewa, ƙananan ramukan da ake yi wa ɗinkin zagaye sun zama ɗige-ɗige. Idan manhajarka tana karɓar hoton misali, ɗauki rigar gaske ka shimfiɗa ta a tabarma cikin hasken safe, ka ɗauki hoton ƙirjin a miƙe, ka haɗa da umarnin. Hoto ɗaya irin wannan ya fi layi goma na bayani. Rigarka ko ta gidanku za ka ɗauka, ba hoton aikin wani tela daga shafinsa ba.

Kuma a ganina bai dace tela ya nuna irin wannan hoto a matsayin ɗinkinsa ba. Kwastoma zai zo ya ce "irin wannan nake so", alhali aikin da ke jiki babu mai allurar da zai iya fitar da shi, domin ba a taɓa ɗinka shi ba. Abokina ya yarda da wannan; ya sa hoton a saman tallar don jan ido, ya jera hotunan aikinsa na gaske a ƙasa.

Kafin ka tura hoto wurin bugawa, duba kafaɗu ko akwai ninkin saɓi, duba ko aljihu na hagun mai sawa, duba ko ƙasan rigar babu aiki, duba ko hular ta tsaya ba ta kwanta ba, sannan ka ƙirga yatsun hannu, don har yanzu akan sami shida. Bayan haka ka kai wa tela ko wani dattijo a unguwa ya gani. Namu hoton sai da mahaifin abokina ya duba ya ce wandon ya cika tsukewa a ƙafa don mutum mai waɗannan shekaru, muka koma muka ƙara `loose trousers` kafin a kai wurin buga takarda.